Kwalbar wanke anjekter: wadda ta cancanci kuɗinka da wadda ba ta cancanta ba

Duk wanda ya shiga shagon kayan mota a Damagaram ya san kantar nan ta bayan mai shago, inda ake jera ƙananan kwalabe masu launi iri-iri, wasu da Faransanci, wasu da Ingilishi, wasu da Larabci. Kowace ta yi alkawarin wanke inji, ƙara ƙarfi da rage shan mai. Kawuna ya zuba uku daga cikinsu a Corollarsa cikin wata biyu, motar ba ta daina karkarwa ba, shi ya sa na zauna na bi maganar tun daga tushe. Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, kwalba mai kyau tana narkar da dattin da mai ya bari, amma ba ta narkar da rairayi, ba ta cire tsatsa, ba ta gyara ƙarfen da ya cinye. Mu kuwa nan garin yawancin ciwon motocinmu daga ƙura da ruwa yake.

Sai an san irin dattin kafin a san maganinsa. Anjekter ɗan bututu ne mai allura a ciki, wuta ke buɗe shi ta rufe, yana fesa esans ta ramuka ƙanana ƙwarai da ƙarfin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba a motocin da muka saba da su. Idan ka kashe mota, ruwan sanyaya inji ya daina zagayawa, zafi sai ya taru a kan inji na ɗan lokaci. Ɗigon man da ya rage a bakin anjekter sai ya dahu, mai sauƙinsa ya tashi, mai nauyinsa ya zauna kamar ƙanzo a gindin tukunya. Kowace kashewa da ɗan abin da take bari. Saboda haka motar da ke kai yara makaranta, ta tsaya, ta je Kasuwar Dole, ta tsaya, ta koma Birni ta sake tsayawa, ta fi tara wannan ƙanzo a kan motar da ke zuwa Maraɗi kullum, ko da ta Maraɗin ta ninka ta kilomita. Zafin watan Afrilu da Mayu kuma ƙara abin yake. Wannan shi ne datti na farko, kuma shi kaɗai kwalba ke iya wa.

Datti na biyu daga waje yake shigowa: ƙurar hunturu, rairayin da ke gindin jarka, tsatsar tsohon tanki, da ruwa. Shekaru da yawa garin nan ya sha ruwa-ruwa, man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalba bakin titi, ana tace shi da ƙyalle a kan mazurari. Ko da aka buɗe matatar SORAZ a hanyar Tanut a 2011, masu kwalba ba su rasa ciniki ba, sai da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 kasuwar ta juya. Motocin da suka sha wancan mai shekara da shekaru suna nan a kan titi, da abin da ya kwanta a tankunansu. Rairayi in ya kuɓuce wa filtir, yana tsayawa a ɗan rariyar da ke saman kowane anjekter. Ko ka zuba kwalba goma yana nan inda yake.

Yanzu ga kwalaben. Kada ka duba hoton motar tsere da ke gaba, juya baya ka karanta ƙananan rubutu.

Wadda ta fi kowace daraja a wurina ita ce mai ɗauke da sinadarin da ake rubutawa PEA. Sabulu ne na mai, yana manne wa ƙanzon ya ɓanɓare shi kaɗan-kaɗan, man ya tafi da shi ya ƙone. Fifikonsa shi ne yana jure zafi, don haka bayan bakin anjekter da bayan bawul yana taɓa dattin da ke cikin ɗakin ƙonewa. Techron na kamfanin Chevron da shi ya yi suna, wasu kamfanoni ma suna sa shi a kwalabensu masu tsada. Yana da tsada a wurin masu haɗawa, shi ya sa ba za ka same shi da yawa a kwalbar da ake sayarwa kuɗin kwanon shinkafa ba. Ƙanensa shi ne PIBA. Wannan yana wanke anjekter da bawul daidai gwargwado, yana kuma hana sabon datti zama, amma bai kai wancan ba a kan tsohon ƙanzo. In motarka lafiyarta ƙalau, kana so kawai ka kiyaye, ya isa.

Sai rukunin da ya fi cika kanta: kwalabe masu araha waɗanda ba su faɗi sinadarin komi ba, sai dai su ce akwai tataccen man fetur a ciki. Buɗe ka sansana, warin kananzir za ka ji. Yawancin abin da ke ciki mai narkarwa ne mai sauƙi, da ɗan sabulu kaɗan in ma akwai. Mililita 300 na irin wannan a cikin lita 40 na esans, wanda shi kansa mai narkarwa ne, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba ya cutar da mota, ba ya kuma yi mata wani abin kirki. Irinsu kawu ya saya har uku, kuɗinsu a haɗe ya fi na kwalba ɗaya mai kyau.

Mai ƙara oktan wani abu ne dabam, ko da yake masu shago sukan miƙa maka shi in ka ce mota ba ta ja. Oktan awon juriyar mai ne ga kamawa da wuta kafin buji ya kunna shi. In man ya gaza, za ka ji inji yana ƙaras-ƙaras kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka a hawa ko da kaya. Motar da ba ta wannan ƙara, galibi ƙarin oktan ba ya ƙara mata ƙarfi. Akwai kuma wayo a rubutun: idan kwalba ta ce tana ƙara maki 5, sau da yawa maki ɗaya kashi ɗaya cikin goma ne na lamba ɗaya, wato daga 91 zuwa 91.5. Waɗanda ke ɗaga oktan da gaske a ƙaramar kwalba galibi da ƙarfe suke aiki, ko MMT mai manganis ko wani mai baƙin ƙarfe. Alamarsu ba ta ɓoyuwa: cire buji za ka ga bakinsa ya yi ja kamar jan bulo. Tokar nan ba a buji kaɗai take zama ba, tana hawa kan na'urar auna iska ta bututun hayaƙi da katalizer. Wanda ya mayar da ita abin kowane tanki, gyaran gangar Auzinawa yake yi. In ka sha mugun mai a hanyar Gure, inji ya fara ƙara, zuba sau ɗaya don ka isa gida ba laifi, ko da yake cika tankin da mai mai kyau a gidan mai na gaba ya fi.

Mai cire ruwa barasa ce ta masana'anta. Tana haɗa ɗan ruwan da ke tanki da esans su ƙone tare. Cokali kaɗan take iya ɗauka. Idan da damina mota ta fara shaƙewa bayan ka sha mai, ka zuba man a kwalba mai haske ka ajiye minti goma; in ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa da kauri kamar yatsa, a sauke tanki a zubar kawai.

Masu alkawarin rage shan mai da kashi 20 ko 30 ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada kayan rage shan mai fiye da 100, ba ta sami wanda ya kawo ragi mai yawa ba. Ƙwayar kafur da wasu ke jefawa a tanki ma tana cikin wannan sahu.

To, mu koma kan motar kawu, domin a nan ne na ga iyakar kowace hanya. Corolla ce mai inji 1ZZ-FE, lita 1.8, ta haura kilomita 200,000. Tana karkarwa a ralanti musamman da safe, tana jinkiri in an taka, shan manta a gari ya tashi daga wajen lita 9 zuwa 11 a kilomita 100. Na kai ta wurin wani makanike a Sabon Gari mai na'urar dubawa. Kawu na ta cewa a zuba mata magani mai ƙarfi kawai. Makaniken ya ce masa: “Alhaji, ku yi haƙuri mu tambayi motar tukuna, ita ta san inda ke mata ciwo.”

Na'urar ta nuna lamba P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Ya buɗe inda aka rubuta LTFT, wanda ke nuna yawan man da kwamfutar mota ke ƙarawa don ta cike giɓi. Mota mai lafiya ba ta nisa da sifili, in ya wuce +10 akwai magana. Ta kawu tana +14 a ralanti. Ya taka zuwa juyi 2,500, sai ya hau +18. Wannan hawan shi ne darasin da ya fi kowane amfani a ranar. Da a ce lambar ta yi yawa a ralanti ta sauka da aka taka, to iska ce ke satar shiga ta wani tiyo da ya tsage ko gasket, abin da kwalba ba ta da ruwa da shi, kuma wannan inji an san shi da wannan ciwo. Tunda hawa ta yi, ko man ne ba ya isa, ko na'urar auna iskar da ke shiga tana ƙarya.

Ya fara da mai araha. Filtir ɗin iska ya cika da jar ƙura, gefensa ma bai zauna daidai ba, ƙura na wucewa. Ya cire na'urar auna iska da ke bayansa, ƴan wayoyinta sirara sun cika da datti. Waya mai datti tana gaya wa kwamfuta iska kaɗan ce ta shiga, kwamfuta ta rage mai. Ya fesa mata maganin wanke ta, bai taɓa wayar da hannu ba, ya sa sabon filtir. Bayan zagaye biyu a gari lambar ta sauko +9. Rabin ciwon ke nan ya tafi ba a taɓa tanki ba. Daga nan ya auna ƙarfin pompo, ya sami bar 3.2, daidai da abin da ake so a wannan inji. Ya auna wayar kowane anjekter da mita, duka huɗun wajen om 14, wato ta fannin wuta lafiya suke. Sai a lokacin ya ce yanzu kwalba na da hujja.

Muka sayi mai PEA, muka zuba ta a gidan mai kafin a ɗura lita 40 don man ya gauraya ta, daidai da awon da aka rubuta a bayanta. Ninka awo ba ya ninka wanki, kuma wani ɓangare na sinadarin yana gangarawa cikin man inji, shi ya sa ya fi kyau a yi wannan aiki ana saura kaɗan a yi bidanj. Kawu na da biki a Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 200, ya je ya dawo a kan wannan tanki. Doguwar tafiya da inji mai zafi ita ce ke ba sabulun damar aiki. Da ya dawo, jinkirin takawa ya tafi, lambar ta sauko +6. Kwalbar ta yi aikinta, ban da ja a kan wannan.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Karkarwar safe ta ragu, ba ta ɓace ba, bayan sati ɗaya kuma P0303 ta fito, wato silinda ta uku na tsallake wuta. Makaniken ya musanya buji da kwayil na uku da na ɗaya, ciwon bai bi su ba, ya tsaya a ta uku. Sai aka cire anjekter huɗun aka ɗora su a kan injin gwaji, mai kwalabe huɗu masu awo a jere. A lokaci ɗaya uku suka zuba wajen mililita 50 kowane, na ukun ya tsaya 42, feshinsa kuma ya karkace gefe guda. Ragin kashi 16 cikin 100 ke nan, alhali abin da ake so kada bambanci ya wuce wajen kashi 5. Da aka zaro ɗan rariyarsa, rairayi ne da jan gari na tsatsa. Aka jiƙa su a kwanon da ke wanki da girgizar sauti, aka tura ruwan wanki ta baya, aka sa sababbin rariya da robobi. Na ukun ya dawo 49. Saboda kada a koma gidan jiya, aka buɗe tanki ta ƙarƙashin kujerar baya, domin a wannan mota filtir ɗin mai tare yake da pompo a ciki, aka canza shi aka share gindin tankin.

Akwai hanya ta uku tsakanin kwalba da cirewa, wadda wasu garaji ke yi: a cire pompo daga aiki, a haɗa gwangwanin magani kai tsaye da bututun anjekter, inji ya yi minti 20 ko 30 yana shan maganin zalla. Ya fi kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, yana kuma da sauri. Aibinsa ɗaya da na kwalba: ta gaba yake turawa, rairayin da ke rariya ba shi da hanyar fita, kuma ba wanda ya auna ya ga wane anjekter ne mai laifi. Ga motar da ta sha man jarka, ni zan tsallake shi in tafi cirewa. Sharaɗi ɗaya ne: ka tsaya ka ga awo kafin wanki da bayansa da idonka, ka kuma tabbata an sa sababbin robobi, domin tsohuwar roba in ta yoyo esans a kan inji mai zafi, gobara ce. Wankin da yaro zai yi da batir da gwangwanin feshi a gindin bishiya yana buɗe anjekter, amma ba ya gaya maka nawa yake zubawa.

Lissafin kuɗi shi ke raba gardama. A 2024 an mayar da litar esans sefa 499, wato lita 40 wajen jaka 20. Mu ɗauka kwalba mai kyau jaka 5 ce. Wanda ke zuba ta kowane tanki ya ƙara wa kansa kashi 25 cikin 100 na kuɗin mai, kuma babu kwalbar da za ta rage shan mai da kashi ɗaya cikin biyar ta biya kanta. Wanda ke zubawa sau ɗaya a kilomita 5,000, a mota mai shan lita 8 a kilomita 100, ya ƙone lita 400, wajen jaka 200, kwalbar ta zama kashi 2.5 kacal. Wannan kuɗi ne da za a iya kare shi, musamman ga motar cikin gari mai yawan tsayawa. A Amurka doka ta tilasta sa sabulu a esans tun 1995, shi ya sa littafin motoci da yawa ke cewa ba a bukatar ƙari. Kai da motarka ke shan mai yau a gidan mai, gobe a jarka a ƙauye, kana da dalilin da mai wancan littafi bai yi tunaninsa ba. Mai sabuwar mota ko mai doguwar tafiya kullum da ke shan mai a wuri ɗaya amintacce, ya riƙe kuɗinsa ya sayi filtir.

Abu ɗaya ga masu Avensis da aka rubuta D-4 a injinta da sauran masu fesa esans kai tsaye cikin silinda: man ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska, don haka duk abin da ka zuba a tanki ba ya taɓa baƙin dattin da ke taruwa a can. Zai wanke bakin anjekter, bawul kuwa sai an kwance an kankare.

Gazwal labarinsa dabam ne, kuma kuskure a nan ya fi tsada. Tsohuwar Land Cruiser mai inji 1HZ tana haƙuri da abubuwa da yawa. Hilux mai D-4D ba ta haƙuri, domin tana tura gazwal da ƙarfin da ya haura bar 1,000 sosai, gazwal ɗin kuma shi ne man shafawar pompo da allurai. Ruwa ko ƙura kaɗan sai su ci ƙarfen. Anjekter da ya cinye yana mayar da gazwal da yawa ta bututun komawa, mota ta yi wuyar tashi in ta yi zafi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sa wa kowane ɗan tiyo da kwalba, a ga wanda ya fi cika. In ɗaya ya ninka ƴan uwansa, gyara ko canji ne, magani ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Mai wanke anjekter na gazwal daga kamfani sananne yana da amfani idan ƙarar inji ta ɗan yi kaushi ko hayaƙi ya fara duhu alhali filtir ɗin iska sabo ne. Mai ƙara setan, wanda ake rubutawa 2-EHN, yana sa gazwal saurin kamawa, ya ɗan lafar da ƙara da sanyin safiya, iyakarsa ke nan. Abin da ba za a zuba wa irin wannan inji ba shi ne mai cire ruwa na barasa, domin yana ɗaukar ruwan ya wuce da shi ta filtir zuwa pompo, wurin da ake gudun ya je. Haka man giya da kananzir da wasu direbobi ke zubawa. A gindin filtir ɗin gazwal akwai ɗan famfo na roba. A kwance shi a zubar da ruwan da ya taru, kada a jira fitilar ta kama. Na kuma taɓa ganin kwalbar hana gazwal daskarewa a kantar shago, irin wadda ake yi don ƙanƙarar Turai. Sanyin Janairu na Damagaram yana fasa leɓe, amma bai kai ya daskarar da gazwal ba.

Ƴan kabu-kabu kuwa, babur mai karbirato ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kwance kwanon ƙasa, a zubar da ruwa da datti, a busa jiklar, a sa ɗan filtir na roba a tiyon mai, duka bai kai kuɗin kwalba ba kuma an ga dattin da ido. Mai janareto da ke ajiye shi wata da watanni, ya rufe famfon mai ya bar shi ya mutu da kansa kafin ya ajiye, don kada esans ya bushe a karbirato ya zama danƙo.

Corollar kawu yanzu tana tsakanin +2 da +4, shan manta ya koma wajen lita 9. Mun yi da shi zai zuba mai PEA sau ɗaya gab da kowane bidanj na biyu, a kuma duba filtir ɗin iska kowane wata daga Disamba zuwa Maris.